Takardar tallar butik: tambayoyin da masu shago suke yi min a wajen fotokopi

Ni aikina buga takardu a ordinata da fotokopi a nan Damagaram, kuma kusan kowane sati sai wani mai butik ko tela ko mai gyaran waya ya shigo min da takarda cike da rubutun hannu gaba da baya, ya ce Malam a buga min wannan in raba. Ina bugawa, kuɗina nake karɓa, amma wallahi wani lokacin tausayi nake ji, don na san da yamma zan ga takardar a ƙasa iska na wasa da ita, ko an ƙunshe ƙosai a ciki. Tambayoyin da ake yi min kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Misali ɗaya zan riƙe har ƙarshe, na wani ƙanena a unguwa mai ƙaramin butik a Sabon Gari, ba zan faɗi sunansa ba. Farashin da za ku gani na misali ne don lissafi ya fito, kowa ya sa nasa.

Malam, me ke damun takardata, ai duk abin da na rubuta gaskiya ne?

Gaskiya ne, ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Matsalar ita ce kai ka rubuta wa mutumin da ke zaune a tabarma yana shan shayi, shi kuma wanda aka miƙa wa takardar yana tafiya ne, rana na dukansa, yana kaucewa kabu-kabu, wataƙila da yaro a hannu. Kallo ɗaya zai yi mata, in bai ga abin da ya shafe shi ba ya sake ta.

Takardar ƙanen nan nawa ta farko haka take: sallama da godiya ga Allah layi uku, sai tarihin yadda ya buɗe butik shekara bakwai da suka wuce, sai jerin kaya, shinkafa, taliya, mai, sukari, madara, sabulu, omo, kaye, bik, batir, kiredi, cajin waya, ruwan sanyi, "da sauransu", sai "kaya masu inganci, farashi mai rahusa, sai an gwada akan san na ƙwarai", sai lambobin waya uku, sai a can ƙasa ƙanana ya rubuta unguwa. Na ƙirga kalmomin sun haura ɗari da hamsin. Na ce masa to yanzu ni da na karanta, me kake so in yi? Ya yi shiru, ya ce ka zo ka saya mana. Na ce in sayi me, nawa, yaushe, kuma me ya sa zan wuce butik huɗu da ke tsakanin gidana da naka alhali su ma duk wannan kayan suna da shi? Wannan tambayoyin huɗu su ne takardar ba ta amsa ko ɗaya ba.

Ina da kaya sun fi kala ɗari, ta yaya zan zaɓi guda ɗaya kawai?

Wannan ita ce gardamar da muka fi daɗewa a kai da kowa. Mai shago yana jin in bai ambaci sukari ba kamar ya kori mai son sukari ne. Ba haka ba ne. Duk wanda ya ga butik ya san akwai sukari a ciki, ba labari ba ne. Takarda aikinta ta kawo ƙafar mutum bakin kanta, in ya iso idonsa zai ga sauran kayan da kansa, kuma kai kana nan da bakinka.

Abin da za ka zaɓa ya cika sharaɗi uku. Ya zama mutane suna neman sa a wannan satin, ba wata uku masu zuwa ba. Ya zama kana da shi da yawa, ba kwali ɗaya da zai ƙare kafin azahar ba. Kuma ya zama akwai ɗan sarari a ribarsa da za ka iya sakin wani abu ba ka ƙone ba. Shi ƙanen nawa ya zo ne ƙarshen Satumba, ana shirin komawa lakol, kowane uba da uwa kansu na kan kayan makaranta, shi kuma ya saro kaye kwali-kwali ya jibge a bayan kanta amma a takardarsa kaye na lamba takwas a jeri tsakanin omo da bik. Shi muka ciro muka ɗora a sama. Da azumi ne da sukari ko dabino za mu ɗauka, da lokacin zafi ne da ruwan sanyi da ƙanƙara. Wato takarda ɗaya ba ta shekara ba ce, ta sati ɗaya ko biyu ce, ka duba tambaya ta ƙarshe a kan wa'adi.

To in na rubuta "kaye masu araha", bai isa ba?

Bai isa ba, don ba a taɓa samun ɗan kasuwan da ya rubuta kayansa masu tsada ne ba. "Araha", "inganci", "sai kun zo", kunne ya saba da su har ba ya jin su. Tayi shi ne wanda mutum zai iya lissafa shi a kansa yana tafiya: zan ba da kaza, zan karɓi kaza, daga yau zuwa rana kaza. In ɗaya ya ɓace a cikin ukun nan to yabon kai ne kake yi.

Nasa tayin ya koma haka: kaye 10 masu shafi 100 a 2000 F, da bik 2 kyauta, har zuwa Alhamis 2 ga Oktoba. Ka lura mun faɗi shafi nawa, don akwai mai shafi 100 akwai mai 200, kuma in ba ka faɗa ba uba zai zo yana tsammanin babban, ka miƙo masa ƙarami, ya ga kamar an yaudare shi, ka ga ka biya kuɗin fotokopi ka sayo wa kanka ɓacin suna.

Ragin kuɗi ya fi ko kyauta a kai?

Mu yi lissafi, don nan ne mutane da yawa suke cin uwar kuɗinsu ba su sani ba. A ce kana saro kaye a 150 F kana sayarwa 200 F. Guda goma riba 500 F kenan, dala ɗari. In ka ce za ka rage 200 F, goma su koma 1800 F, ribarka ta dawo 300 F. In kuma ka bar farashin a jika biyu ka ɗora bik biyu, wanda kake sayar da kowane 100 F amma kai 75 F ka saro shi, to mai saye yana ganin ya samu abin 200 F, kai kuwa 150 F ne suka fita daga aljihunka, ribarka 350 F. Abu ɗaya ne a idon kiliyan, amma dala goma ta ƙaru a ribarka a kowane ciniki.

Akwai kuma dalili na biyu da ya fi lissafin nauyi a wajena. Mutanenmu in suka taɓa sayen abu a 180 F sun riƙe kenan, bayan sati biyu ka ce 200 F sai a ce maka ai rannan ba haka ka sayar ba, ka ƙara kuɗi. Kyauta kuwa gyara ce, kowa ya san gyara tun a wajen mai awo da mai tumatir, in ta ƙare ba wanda zai ce ka tsawwala. Sai dai kyautar ta dace da kayan. Bik yana tafiya da kaye. Kada ka ɗauko wani tsohon kaya da ya ƙi fita shekara biyu ka ce shi ne kyauta, ana ganewa.

Inda ragi ya fi shi ne kayan da kowa ya haddace farashinsa, kamar kilon sukari ko litar mai, nan ko dala biyar ka sauke ido zai gani. Amma irin waɗannan kayan ribarsu siririya ce, ka yi lissafi sau biyu kafin ka buga.

Me ake nufi da "aiki ɗaya", ba gara in ba mutum zaɓi ba?

Aiki ɗaya shi ne abin da kake so mutum ya yi da jikinsa bayan ya karanta. Takardu da yawa suna cewa ku kira mu, ko ku turo saƙo ta WhatsApp, ko ku biyo mu a Facebook, ko ku zo da kanku, ku kuma gaya wa ƴan uwa. Mutum biyar ka aika kenan a jikin mutum ɗaya, kuma wanda aka ba aika biyar a kan hanya yakan ce bari in isa gida in duba, shi kenan an wuce wurin.

Ga butik na unguwa aikin da ya fi shi ne: ku kawo wannan takarda ku karɓa. Yana da amfani ta fuska uku. Takardar ta zama abu mai daraja, ta zama bik biyu, don haka za a ninke ta a sa aljihu maimakon a yar. Ba ta bukatar kiredi ko waya mai intanet, ko yaro aka aika zai iya. Sannan kai da kanka za ka iya ƙirga takardun da suka dawo ka san ko aikin ya biya, zan yi bayanin wannan a tambayar lissafin kuɗin bugawa. Ka rubuta shi da "ku", ba "ka" ko "ki" ba, don takardar za ta faɗa hannun dattijo da matar aure da saurayi, "ku" ya ɗauke su duka da ladabi.

Ba kowace sana'a ce wannan ya dace da ita ba. Hajiya mai yin cincin da dubulan a cikin gida, wadda ba ta son baƙin maza suna sallama a ƙofa, aikinta ɗaya shi ne a turo saƙo, sai lambar ta zama babba a takardar, kwatancen gida kuma a cire shi gaba ɗaya. Mai gyaran firiji ma haka, kira ne nasa. Ka zaɓi ɗaya bisa yadda cinikinka yake faruwa da gaske.

Ina da layi uku, Airtel da Moov da Zamani, in sa duka?

A'a. In aikin da ka zaɓa zuwa ne da takarda, lamba ɗaya ƙarama a ƙasa ta isa, ta wanda ya ɓata hanya ce. In aikin kira ne, nan ma ɗaya, wadda wayarta ke hannunka kullum da caji. Kowace lambar waya a nan lambobi takwas ce, ka raba su bibbiyu da fili a tsakani yadda muke faɗarsu da baki, kada a manne su. Kuma kafin a buga da yawa ka kira lambar daga jikin takardar gwajin, kana karantawa kana dannawa, ba daga kanka ba. Na taɓa juya lambobi biyu wajen bugawa, ni da mai takardar duk mun duba ba mu gani ba, sai da aka raba rabi. Ni na biya na biyun.

Ba rashin ladabi ba ne a fara magana ba sallama, ba godiya ga Allah?

Na fahimci mai wannan tambayar sosai, tarbiyyarmu ce. Amma gaisuwa ta baki ce. Wanda ke miƙa takardar shi zai ce salamu alaikum Baba, ina wuni Inna, ga takardar kayan lakol. Ya riga ya gaishe su, takardar sai ta shiga magana kai tsaye. In ka cinye layi uku na sama da gaisuwa to wurin da ido ke fara sauka ka ba abin da ba zai tsayar da kowa ba.

Maganar bisimilla da ayoyi da sunan Allah kuwa, ni shawarata kada a sa su sam, kuma ba don talla ba. Ka san inda mafi yawan takardun nan za su ƙare, ƙasa, kwata, hannun mai tsire. Wasu masu tsoron Allah in suka ga sunan Allah a jiki ma ƙin karɓa suke yi don kada nauyin ajiyewa ya hau kansu. Ka yi bisimillarka da bakinka lokacin da za ka fara rabawa. Tarihin butik da "shekara bakwai muna yi muku hidima" shi ma a cire, wanda ya san ka ya sani, wanda bai san ka ba bai dame shi ba tukuna.

Farashin fa, da dala zan rubuta ko da faran?

Wannan ƙaramin abu ne amma yana haɗa rigima. Da baki muna ƙirga da dala, dala ɗaya faran biyar, a rubuce kuma an saba da faran. In ka rubuta 40 kana nufin dala arba'in, wani zai karanta faran 40. In ka rubuta 200 ba komai a gefe, wani zai ɗauka dala ɗari biyu, jika guda kenan, ya ce kai wannan tsada. Don haka lamba ta zama ta faran kullum, da F a gefenta, sannan in akwai wuri ka rubuta yadda ake faɗa da baki a ƙasa da haruffa: 2000 F, jika biyu. Shi ya sa ma na fi son tayin da ya faɗa kan kuɗi dunƙulalle, 500 F, 1000 F, 2000 F, takardar kuɗi ɗaya mutum zai zaro, ba neman canji, ba a tsaya ana cewa bari yaro ya je ya samo.

Da Hausa zan rubuta ko da Faransanci?

Ka tambayi kanka da wane harshe ake ciniki a bakin kantarka. In Hausa ce to da Hausa. Na san wasu suna jin Faransanci ya fi kwarjini, kuma gaskiya ne waɗanda suka yi lakol da yawa sun fi saurin karanta Faransanci a kan Hausar boko, har sai ka ga mutum yana haɗa baƙi da ƙyar a harshen da ya tashi da shi. In butik ɗinka na kusa da Jami'ar André Salifou ne kuma ɗalibai kake nema, Faransanci ba laifi. Abin da ba na so shi ne a rubuta komai sau biyu a fuska ɗaya, takarda ta sake cika. In dole sai biyun, Hausa a gaba, Faransanci a baya, amma ka san kuɗin fotokopi ya ninka.

Akwai kuma waɗanda ba sa karanta boko ko kaɗan, wasu ajami suke karantawa, wasu ba ko ɗaya. Su abin da ke yi musu magana shi ne zane da lamba. Zanen kaye da 10 a gefensa, zanen bik biyu, sai 2000 F ƙato, ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya gane. In unguwarku ta malamai da almajirai ce, ka sa wani mai kyan hannu ya rubuta layin tayin da ajami a farar takarda da baƙin alƙalami, a manna a kan ta asali kafin a yi fotokopi, yana fitowa tsaf.

Yaya zan kwatanta inda nake?

Da abin da kowa ya sani, kamar yadda za ka gaya wa ɗan kabu-kabu. Rubuta "Sabon Gari, Zinder" kawai ba kwatance ba ne, unguwa ce guda. Ka ɗauki alama ɗaya babba, masallaci, famfo, farmasi, gidan mai, makaranta, ka ce kana gabanta ko bayanta ko kallonta, sannan ka ƙara abu ɗaya da zai bambanta ka da maƙwabta. Shi ƙanen nawa butik uku ne a jere a layinsu, nasa ne mai koriyar ƙofa, sai muka rubuta haka. Ka guji dama da hagu, don ya danganta da inda mutum ya fito, gabas da yamma sun fi, mutanenmu sun san alƙibla.

Abin da ake mantawa shi ne bakin butik ɗin kansa. Mutum ya biyo kwatance ya iso, ya ga ƙofa uku, yana jin nauyin tambaya. Ka sa a buga maka takardar nan babba a A4 ko A3 ka manna a ƙofa, kayen kuma ka ɗaure su goma-goma da bik biyu a jiki ka jera a gaba inda ake gani daga titi.

To yanzu yaya takardar za ta kasance, kuma wane girma?

Ga yadda tasa ta koma, layi biyar. Na farko, mafi girma: KAYE 10 = 2000 F. Na biyu: da bik 2 kyauta. Na uku, ƙarami: masu shafi 100, jika biyu, har zuwa Alhamis 2 ga Oktoba. Na huɗu, a cikin akwati: Ku kawo wannan takarda ku karɓa. Na biyar: sunan butik, kwatance, lamba ɗaya. Daga kalma ɗari da hamsin da wani abu muka dawo wajen talatin da biyar. Ka lura sunan butik ya sauko ƙasa, wannan ya yi masa ciwo, sai da na ce masa ba sunanka ake saye ba, kaye ake saye.

Girma kuwa, A4 santimita 21 ne da 29.7, ya yi yawa ga abin miƙawa a hannu. A raba shi biyu ya ba da A5, 14.8 da 21, shi na fi ba da shawara. A raba huɗu ya ba da A6, 10.5 da 14.8, ya fi araha kuma yana shiga aljihu, sai dai ba wurin zane sosai. A A5 layin farko nakan sa shi wajen 48 zuwa 60 a girman rubutu na Word, da kauri, in bai shiga layi ɗaya ba in karya shi biyu, mafi ƙanƙanta kuma ba na sauka ƙasa da 14 saboda dattawa. Salon rubutu ɗaya, mai sauƙi irin Arial, ban da masu lanƙwasa na katin biki. In akwai ƙ da ɗ da ɓ a duba sun fito, don wasu salon ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a wurin harafin.

Hoto na waya kada ka sa in fotokopi baƙi da fari za a yi, yana komawa dunƙulen baƙi, ba a gane kaye ne ko bulo. Zane mai layi ya fi. Baƙin bango da farin rubutu ma haka, yana fitowa da zane-zane in inji ya gaji. Kuma farin filin da ya rage ka bar shi, kada ka ce tunda na biya takarda bari in cike, wannan filin ne yake sa a ga lambar.

Ta yaya zan san ta yi kafin in kashe kuɗi?

Ka sa a fitar da guda ɗaya tak. Ka nemi mutum uku da ba su san maganar ba, kuma ba yaranka ba, don su za su ce ta yi kyau. Ka miƙa, ka ƙirga ɗaya biyu uku a ranka, ka karɓe, ka tambaya: me ake sayarwa, nawa, me aka ce ka yi? In ya amsa ukun ta yi. In ya ce "wani butik ne dai", layin farko bai yi girma ba ko akwai abin da ke gasa da shi. In ya faɗi kaya da kuɗi amma bai san takardar ake kawowa ba, akwatin ne ya ɓuya. Sai kwatancen, shi ɗan kabu-kabu za ka karanta wa, in ya ce na gane wurin shi kenan, in ya fara tambaya wane famfon, ka gyara.

A ina zan raba, kuma wa zan ba?

Kusa da kai. Ba wanda zai hau kabu-kabu daga Birni ko Garin Malam ya biya kuɗin zuwa da dawowa saboda bik biyu. Mutane suna ɗokin Kasuwar Dole ranar Alhamis don cunkoso, amma da yawan mutanen ranar daga ƙauyuka da garuruwan kewaye suke, Mirriya da sauransu, kuma suna tsakiyar kasuwar da ke da kaye ta ko'ina. Kai naka su ne masu wucewa ta layinka da ƙafa, iyayen da ke raka yara, masu fitowa daga masallacin unguwa bayan la'asar, matan da ke dawowa daga cefane. A masallaci a tsaya daga waje nesa da ƙofa, bayan an sallame.

In yaro za ka ba ya raba, kada ka danƙa masa ɗari biyu gaba ɗaya, zai zuba wa ƴan uwansa yara ya dawo cikin minti goma ya ce sun ƙare. Ka ba shi talatin-talatin, ka gaya masa manya kawai, ka koya masa jimla ɗaya da zai faɗa. Bango kuma a nemi izinin mai shi kafin a manna.

Nawa zan kashe, kuma mutum nawa ne za su zo kafin in ce na ci riba?

A ce fotokopi 25 F ne shafi. A4 ɗari a yanka biyu, takarda 200 kenan a 2500 F. Bugawa a ordinata a ce 500 F, yaron rabawa 1000 F, jimla jika huɗu. Mun ce ribar kowane ciniki bayan an cire bik 350 F ce, ka duba tambayar ragi da kyauta. Raba 4000 da 350, ya ba da sha ɗaya da ɗoriya, wato sai mutum 12 sun zo da takarda kafin kuɗin talla ya fito. Daga na 13 ne cikakkiyar riba ta fara, ban da abin da suka ƙara saya da suka shigo. Ba zan ce maka mutum kaza ne za su zo ba, amma wannan lambar ta 12 ka san ta kafin ka buga. In lissafinka ya nuna sai mutum 80 cikin 200 sun zo, to tayin ne bai da riba, ka canza kaya ko ka koma A6.

Kafin a raba ka yi wa takardun alama a baya da bik, na bakin masallaci ɗigo ja, na hanyar lakol shuɗi, waɗanda ka miƙa da kanka a butik ba alama. Duk wadda ta dawo ka karɓe ta ka soke a ƙusa, da dare ka ƙirga. Daga nan ake gane ciwon. In takardu na zube a ƙasa taku goma daga inda aka raba, ba a ba waɗanda ya shafa ba ko layin farko bai kama ido ba. In ana kira ana cewa ina ne wurin, kwatance ne. In ana zuwa ana juya kayen a ajiye a tafi, to wani a kusa ya fi ka araha ko abin da suka gani bai kai abin da suka zata ba. In ja sun dawo goma shuɗi ɗaya, ka san inda za ka tsaya karo na gaba.

In wa'adi ya wuce ko kaya suka ƙare aka zo da takarda fa?

Wa'adi dole ne a rubuta shi da rana da kwanan wata, "na ɗan lokaci" ba wa'adi ba ne, kuma in babu shi takardar za ta dawo maka bayan wata huɗu lokacin da farashin sari ya tashi. Kwana bakwai zuwa goma ya isa. Ka kuma ƙirga kayanka tun farko: in kaye 300 gare ka, ɗauri 30 ne, to ko dai ka tabbatar za ka iya ƙaro wa daga wajen dila cikin yini ɗaya, ko ka rubuta a jiki cewa na mutum 30 na farko ne. Takarda ɗaya ɗauri ɗaya, ka faɗa wa yaron shagonka wannan tun kafin wani ya zo da guda shida da ya tsinta.

Wanda ya zo kwana ɗaya ko biyu bayan wa'adi, musamman dattijo ko uwa da ta tako da ƙafa, ni dai na ce wa ƙanen nawa ya ba su, 150 F ne, ya ce Baba jiya ya ƙare amma tunda kun taso ga shi. Wanda ya zo bayan sati uku kuwa a nuna masa kwanan watan a jiki da fara'a, a sayar masa a farashin yau. Takardar da ke manne a ƙofa kuma a cire ta daren da wa'adin ya cika, shi ya manta da tasa har kwana biyar, sai da wata mata ta tsaya a kan sai an ba ta bik ɗinta tunda ga shi nan a rubuce, ya ba ta, sannan ya ɓalle takardar.